Amfilifaya mai kaushi idan an rage murya: bayas, zafi, da zaɓi tsakanin Kilas AB da Kilas D

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne nan Sakkwato. Amfilifayar masallacin unguwarmu ta ƙone, na sauya mata 2SC5200 da 2SA1943, ta tashi. Wutarta bolt 35 sama da bolt 35 ƙasa, tana jan lasifikar hon mai om 8. Amma tun gyaran nan, in an rage murya da asuba sai karatun liman ya riƙa fita da kaushi, in an ƙara kuma sai ya washe. Ga zafi da take yi, ga shan batir ta inbata. Wani ya ce in jefar da ita in sa Kilas D. Mi ya bambanta kilas-kilas ɗin ga, kuma mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka jefar da ita tukuna. Ɗauko mitarka, ka sa ta a ma'aunin milibolt na DC, ka cire lasifika, ka mayar da murya sifili, ka auna kan ɗaya daga cikin fararen rasistocin nan masu om 0.22 da ke ƙafar emita ta manyan tiransistocin. Ina kyautata zaton sifili za ka gani, ko abin da bai kai milibolt 1 ba. In haka ne, amfilifayarka da aka ƙera a matsayin Kilas AB ta koma Kilas B tsantsa, kuma abin da kunnenka ke ji shi ne abin da masu sana'a ke kira kirosoba distoshin, wato lalacewar sauti a daidai wurin da tiransisto ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki.

Ga yadda abin ke faruwa. Sigina tana hawa sama da sifili ta sauko ƙasa da shi. 2SC5200 ce ke ɗaukar rabin da ke sama, 2SA1943 ta ɗauki rabin da ke ƙasa, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Matsalar ita ce tiransiston silikon ba ta fara wuce da wuta sai an sami kamar bolt 0.6 tsakanin bes da emita. Saboda haka idan sigina ta sauko daga sama ta zo ƙasa da bolt 0.6, ta saman ta riga ta rufe, ta ƙasan kuma ba za ta buɗe ba sai sigina ta kai bolt 0.6 ta ɗaya ɓangaren. A tsakanin nan akwai rata ta kusan bolt 1.2 da babu mai aiki a cikinta. A amfilifaya irin taka, da ke da direba a bayan kowace babbar tiransisto, mahaɗu huɗu ne a jere, ratar ta kai kusan bolt 2.4 idan bayas, wato ɗan boltej ɗin da ke riƙe su a bakin buɗewa ko babu sigina, ya mutu gaba ɗaya.

Girman wannan rata ba ya sauyawa da murya, kuma wannan ne ya sa alamar ta zo maka a juye. Idan sigina tana kai bolt 30, ratar ɗan ƙaramin kaso ce a cikinta, sauti mai ƙarfi ya binne ta. Da asuba da ake rage murya sigina ta dawo bolt 2, ratar ta cinye babban yanki na kowane zagaye. Fidbak, wato mayar da wani yanki na abin da ke fita zuwa mashiga don gyara kuskure, yana ƙoƙarin cike gurbin, yana tilasta wa matakin baya ya tsallake ratar da sauri, shi ya sa ba ka ji sautin ya yanke ɗungurungum ba. Amma ba ya iya gogewa duka, musamman a sirarran sautuka, domin ƙarfin fidbak yana raguwa yayin da sauti ke ƙara siranta. Abin da ya rage shi ne wannan kaushin mai kama da yashi a wutsiyar kalmomi da wurin jan madda. Hon kuwa ba ya rufa asiri, domin a tsakiyar muryar mutum zuwa sama ya fi ƙarfi, daidai inda dattin yake.

Kafin ka taɓa komai ka tabbatar ba wata cutar ba ce. Kaushin da ke zuwa idan an ƙure murya ya tafi idan an rage, wannan yankewar kan sigina ce saboda wuta ta ƙare, ba ruwansa da bayas. Wanda ke nan a kowane mataki kuma ya ɓace idan ka jona wata lasifikar, to koyil ɗin hon ne ya goga ko ya kumbura. Akwai kuma na uku da ke yaudarar mutane: idan a firi'amf ɗin akwai LM358, ita kanta tana da irin wannan rata a bakin fitarta. A allon da ke da wuta biyu, mayar da ita 4558 ko NE5532 yana warkar da shi, ƙafafunsu ɗaya ne. In kana da osiloskop, sa sautin gwaji mai kilohaz 1 daga waya, da rasista mai om 8 a madadin lasifika, ka rage har sigina ta zama bolt 1 ko 2. Za ka ga ɗan lanƙwasa a daidai layin tsakiya. Ka kai shi kilohaz 10, lanƙwasar za ta ƙara fitowa fili.

Su kilas-kilas ɗin, abin da ya raba A da B da AB da C abu ɗaya ne, tsawon lokacin da tiransisto ke kunne a cikin kowane zagayen sigina. A Kilas A ba ta taɓa rufewa, digiri 360 cif, don haka babu miƙa aiki balle a sami rata. A Kilas B rabin zagaye ne, digiri 180. AB ya ɗan wuce rabi, yadda kafin wannan ta saki wancan ta riga ta kama. Kilas C bai kai rabi ba, na turansimitar rediyo ne inda akwai da'irar da ke tace sigina, ba a jan lasifika da shi. Kilas D hanyarsa daban ce, zan zo kansa.

Mu fara da gyaran. Abin da ke riƙe bes ɗin direbobi biyu a buɗe shi ne wata ƙaramar tiransisto, sau da yawa BD139 ko makamanciyarta, da rasistoci biyu, R1 daga kolekta zuwa bes, R2 daga bes zuwa emita. Boltej ɗin da take samarwa shi ne:

```
V = Vbe × (1 + R1/R2)
```

Idan R1 kilo'om 2.2 ce, R2 kuma om 750, a Vbe, wato boltej tsakanin bes da emita, na bolt 0.62 za ka sami kusan bolt 2.4, daidai abin da mahaɗu huɗu ke buƙata. Auna tsakanin kolekta da emitarta. Sifili yana nufin ita ko kafasitar da ke kanta ta haɗe ciki, kuma wannan ya zama ruwan dare bayan ƙonewa, domin lokacin da babbar tiransisto ta haɗe, wutar layi tana komowa baya ta ratsa direba ta bugi ta bayas. Mai gyara ya sauya manya biyu da ya gani sun mutu, amfilifaya ta yi magana, ya rufe akwati. In ka ga kamar bolt 1.2 zuwa 1.8, to ko firiset ne ya goce, ko wata rasista ta sauya ƙima, ko wani ya taɓa cusa dayod biyu a wurin. Duk yadda aka yi, ciro direbobin biyu ka gwada su a waje, ka duba ƙananan rasistocin bes, ka kuma auna rasistocin emita ɗin kansu. Mai om 0.22 tana iya yankewa ciki jikinta fari tas ba alamar ƙuna.

Idan za ka sa sabon firiset, wurinsa a ƙafar ƙasa ne, tsakanin bes da emita, a jere da rasista tsayayya, misali om 470 da firiset mai kilo'om 1. Dalilin yana da muhimmanci a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Ranar da hazo ya cika firiset har harshensa ya daina taɓawa, R2 za ta ƙaru, bayas ya faɗi, sauti ya yi kaushi, shi ke nan. In kuwa a ƙafar sama ka sa shi, ranar da ya saki bayas zai tashi ne, manyan tiransistocin biyu su buɗe tare, wuta ta bi ta cikinsu kai tsaye daga layin sama zuwa na ƙasa.

Wajen saitawa, fara juya firiset zuwa inda juriyarsa ta fi yawa, ka tabbatar da mita amfilifaya tana kashe. Da waɗancan ƙimomi wannan zai ba ka kamar bolt 1.5, babu abin da zai buɗe. Ka kunna ta cikin kwan gwaji, wato kwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a jere da wayar wuta. Ya haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai sauran abin da ya haɗe, kashe. Auna DC a bakin lasifika, ya kamata ya tsaya ƙasa da milibolt 50 ko kusa da haka. Sannan ka maƙala wayoyin mita da ƴan kilif a kan rasistar emita tun amfilifaya na kashe, domin tsinken mita da ya zame ya haɗa ƙafa biyu ya ishi ƙona aikin yini guda. Juya a hankali har lamba ta fara motsi. Da ka ga tana bin hannunka sama da ƙasa, mayar da ita ƙasa, cire kwan gwajin, domin yana rage wutar layi ya ba ka karatun ƙarya, ka kunna kai tsaye ka yi saitin gaske.

Nawa za ka sa? In kana da littafin injin, abin da ya ce shi ne. In babu, akwai ƙa'idar da injiniya Barney Oliver na kamfanin Hewlett-Packard ya bayyana a 1971: a irin wannan tsari da lasifika ke fita daga emita, miƙa aikin ya fi santsi idan akwai kusan milibolt 26 a kan kowace rasistar emita. A om 0.22 wannan miliamfiya 118 ke nan, a om 0.33 kuma 79, a om 0.47 kamar 55. In rasistarka irin mai ƙafa uku ce da ta haɗa biyu a jiki ɗaya kuma ka auna ƙafafun gefe da gefe, lambar za ta ninka. Ni a yanayinmu, kuma don magana da karatu, na fi son a tsaya tsakanin milibolt 15 da 20, wato miliamfiya 70 zuwa 90. Kunne ba zai ji bambanci ta cikin hon ba, kuma ka bar wa bazara wuri. Ka lura wannan lissafi bai shafi tsarin da lasifika ke fita daga kolektar manyan tiransistoci ba. Shi ƴan milibolt kaɗan yake so, in ka ba shi 26 ka cika masa.

Kada ka ce bari in ƙara da yawa don ya fi daɗi. Da miliamfiya 100, tiransistocin biyu suna aiki tare ne har karan na lasifika ya kai miliamfiya 200, wato bolt 1.6 a om 8, abin da bai wuce wat 0.16 ba. A cikin wannan ɗan yanki amfilifayar Kilas A ce, daga nan sama ta koma B. Ƙara bayas yana faɗaɗa yankin, amma a bakin iyakarsa, inda ɗaya ke rufewa, ƙarfin turawa yana sauyawa daga na biyu zuwa na ɗaya, wannan ma wata lanƙwasa ce. Ka sayi zafi ne kawai, ka matsar da matsalar gefe.

Saiti na farko ba shi ne na ƙarshe ba. Boltej ɗin bes da emita yana raguwa kusan milibolt 2 a kowane digiri ɗaya na zafi. Idan manyan tiransistocin suka ƙara digiri 20 alhali bayas yana nan yadda yake, milibolt 40 ne suka samu kyauta, kuma wannan ya isa ya kusan ninka karan ɗin da ka saita. Ƙarin karan ya kawo ƙarin zafi, zafin ya sake kawo karan, har a ji wari. Shi ya sa dole tiransiston bayas ta kasance ɗaure a jikin hitsink, kusa da manyan ko a bayan ɗaya daga cikinsu, da man zafi, ta ji abin da suke ji ta rage musu. In ka tarar da ita tana lilo a iska don wani ya kwance ta bai mayar ba, mai yiwuwa ka gano abin da ya ƙona injin tun farko. Ka bar ta kunne minti 20 da murfi a kai, ka sake dubawa ka gyara. Sannan ka ba ta aiki na minti goma a kan rasistar gwaji, ka yanke sauti ka zuba wa mita ido. Ta ɗan hau ko ta ɗan sauka ta dawo kusa da inda take, ya yi. In tana ta hawa ba tsayawa, kashe nan take.

Yanzu batun zafi da batir, inda lambobin da ake yawo da su ke ruɗa mutane. Za ka ji an ce Kilas A kashi 25 cikin ɗari na wutar da ya sha yake mayarwa sauti, ko kashi 50 a tsarin turawa da ja ko mai taransifoma, Kilas B kuma kashi 78.5. Gaskiya ne, amma waɗannan iyaka ce ta sama, a ƙurewar murya, da sautin gwaji. Ba wanda ke tafiyar da amfilifayar masallaci haka. A Kilas B da AB, ga yadda lissafin yake, inda Vp shi ne tsinin sigina, Vcc wutar layi ɗaya, R lasifika, Pout wat ɗin da ke zuwa lasifika, Pin kuma wanda ake sha daga wuta:

```
Pout = Vp² / (2R)
Pin  = 2 × Vcc × Vp / (π × R)
```

Mu sa naka. Layinka bolt 35, amma tiransistoci da rasistoci za su ci nasu, don haka tsini zai tsaya wajen bolt 31. Wannan wat 60 ne a lasifika, wat 86 daga wuta, wat 26 zafi, kusan kashi 70 cikin ɗari. Sauko da tsini zuwa bolt 10, wanda a hon murya ce mai kai wa nesa: wat 6 da ɗoriya a lasifika, wat 28 daga wuta, kusan wat 22 zafi. Kason ya faɗo zuwa 22. A wat 1 bai kai kashi 10 ba. Ka ga sauti ya ragu ninki goma, zafi kuwa daga 26 zuwa 22 kawai ya sauko. Dalili shi ne duk boltej ɗin da lasifika ba ta karɓa ba, a kan tiransisto yake zama, karan yana ratsa shi.

Wurin da ta fi zafi ma ba ƙurewa ba ne. Yana daidai inda tsini ya kai kashi 64 cikin ɗari na layi, bolt 22 a naka, inda wat 31 ke fita sauti wat 31 kuma ke zama zafi. Da wannan lamba ake auna hitsink. A ce kana son ƙarfen kada ya wuce digiri 75. A ƙasar da ɗaki ke digiri 25, cikin akwati 35, akwai tazarar digiri 40, hitsink mai hawa digiri 1.3 a kowane wat ya wadatar. A Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, rana ta haura 40, akwati yana cikin kabad ƙarƙashin rufin kwano, cikinsa zai iya kai 55. Tazarar ta koma 20, kana buƙatar mai digiri 0.65 a wat, wato wanda ya ninka wancan iya sanyaya. Wanda ya ƙera injin ba lallai ya yi lissafi da azahar ɗinmu ba. Fanka ƙarama mai bolt 12 tana hura haƙarƙarin hitsink, da share ƙurar da hunturu ya bari, sun fi kowane gyara araha.

Abin da ke kashe irin waɗannan injuna da yawa shi ne ranar da kwamiti ya ce a ƙara hon na biyu don tafsirin azumi. Hon biyu masu om 8 a haɗe gefe da gefe om 4 ne, mafi munin zafin ya tashi daga wat 31 zuwa 62, karan na tsini ya doshi amfiya 8, duk a kan tagwaye ɗaya. In dole ne a ƙara, a jera su ɗaya bayan ɗaya su zama om 16, ko a nemi masu om 16 guda biyu a haɗa gefe da gefe. Ga kuma jabun 2SC5200 da suka cika kasuwa, waɗanda ƙwayar cikinsu ƙarama ce ƙwarai. Mita za ta nuna maka lafiyarsu ƙalau, sai an ɗora musu kaya su faɗi.

Kilas A a kan wannan layi, don ka ga dalilin da ya sa ba maganarsa ake ba: kafin ya ba da wat 60 a om 8 sai an tsayar da kusan amfiya 2 suna ratsa tiransistocin kullum. Amfiya 2 a bolt 70 wat 140 ne, ko liman na karatu ko masallaci ba kowa. Sautinsa ba shi da rata, wannan gaskiya ne, kuma a ƙananan matakan firi'amf inda karan ɗin miliamfiya kaɗan ne shi ake amfani da shi. A matakin ƙarshe, a kan batir, a garin nan, murhu ne. Akwai kuma Kilas G da H a manyan amfilifayoyin taro, waɗanda AB ne da ke zama a ƙaramin layi, sai babbar sigina ta zo su hau babba, don rage wannan asarar da muka lissafa.

Kilas D ya kauce wa matsalar ne ta hanyar hana tiransisto zama rabi buɗe. Mosfet ɗinsa ko dai a buɗe sarai, boltej a kansa kusan babu, ko a rufe ruf, karan babu. Yana kunnawa da kashewa sau dubu ɗari uku, ɗari huɗu ko fiye a daƙiƙa, faɗin kowane bugu yana bin sigina, sai koyil da kafasita a bakin fita su tace bugun su bar sauti. Da haka yake kai wajen kashi 90 cikin ɗari a babbar murya, kuma abin da ya fi muhimmanci gare ka, a ƙaramar murya ma ba ya zubewa irin na AB. Shi ma yana da tasa ratar. Dole a bar ɗan lokaci, ƴan gomman nanosakan, tsakanin rufewar mosfet na sama da buɗewar na ƙasa. In lokacin ya yi yawa sauti ya ɓaci a kusa da sifili, in ya yi kaɗan su haɗu su ƙone. Bambancin shi ne a cikin cif aka saita shi, ba firiset da za ka juya, kuma a allo mai kyau ba za ka ji shi ba.

A batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 akwai wat-awa 1200, rabinsu ne naka in kana son batirin ya daɗe, wato 600. A waccan murya ta wat 6 ba tsayawa, AB ɗinka da taransifomarta da asarar inbata za su ja wajen wat 40 zuwa 45, kamar awa 13 zuwa 15 ke nan. Allon Kilas D da ƙaramin mai ɗaga boltej zai tsaya wajen wat 10 ko 11, kamar awa 55 zuwa 60 ke nan. Kilas A ba zai cika awa 4 ba. Magana tana da shiru a tsakaninta, don haka a zahiri duk za su fi haka daɗewa ban da A, amma tazarar tana nan.

To amma wanda ya ce ka sa Kilas D bai gaya maka sauran ba. Allunan TPA3116D2 da ake sayarwa an rubuta musu wat 50 sau biyu, kuma wannan a om 4 ne da wuta sama da bolt 20. In ka jona shi kai tsaye a batir mai bolt 12, tsinin da zai iya bai wuce bolt 11 da rabi ba, a hon mai om 8 wat 8 ke nan. A bolt 24 zai ba ka kamar wat 33. Tsakanin 33 da 60 bambancin bai kai desibel 3 ba, kunne zai ji an ɗan rage ne kawai, amma tsakanin 8 da 60 kowa zai ce sabon injin ba shi da ƙarfi. Cif ɗin kuma bolt 26 ne iyakar aikinsa. Batir biyu a jere da sola ke caji suna kai bolt 28.8 da rana, don haka kada ka jona kai tsaye, sa abin da zai tsayar da wutar a 24 ko ƙasa kaɗan.

Wayoyin lasifikarsa biyu duk masu rai ne, ba wadda take ƙasa. Ta taɓa jikin akwati ko ƙarfen hasumiya, ko ka haɗa baƙaƙen tashoshi biyu wuri ɗaya kamar yadda aka saba a tsohon inji, zai kashe kansa ko ya lalace. Haka kilif ɗin ƙasa na osiloskop, kada ya je can. Doguwar wayar da ke hawa hasumiya kuma eriya ce. Allon da aka yi wa rowar koyil, aka sa ƴan ƙananan duwatsun ferait a madadinsu, zai watsa hayaniya cikin rediyon maƙwabta, musamman a gajeren zango da matsakaici, wani lokaci har makirfo marar waya. Nemi mai koyil na gaske a kowace fita, irin masu mikrohenri 10 zuwa 22, ka murɗa wayoyin lasifikar biyu tare, ka raba hanyarsu da ta makirfo. Ko wane kilas ka sa, hon ba ya son sauti mai kauri, ka rage bes ko ka yanke abin da ke ƙasa da haz 200 zuwa 300 tun daga firi'amf, koyil ɗinsa zai daɗe, batir ma ya huta.

A wurinka, ni gyara bayas zan fara yi, domin tiransisto ƙarama ɗaya da firiset da awa guda ne, kuma injin da kowane mai gyara a gari zai iya buɗewa ya gane yana da daraja. Ka sa mata fanka, ka bar ta a om 8, ta yi aiki lokacin da akwai wuta. In yawancin salloli a kan batir ake yi, musamman asuba da isha'i, sai kwamiti ya ƙara allon Kilas D a bolt 24 da makunni mai sauya wayoyin hon ɗin duka biyu gaba ɗaya tsakanin injunan, ba waya ɗaya kawai ba, don kada ƙasan tsohuwar ya haɗu da fitar sabuwar. Allon kuwa ku sayi biyu tun yanzu, domin in cif ɗin ya mutu sauya allon ake yi, ba a cika gyara shi ba.